Yadda ake saka yarukan kwamfuta da kayan aiki a CV ba tare da an jibge su ba

Yawancin masu rubuta manhaja idan sun zo cike sashen ayyukan da suka yi a CV, sukan rubuta sunan wurin aiki da muƙami da shekaru, daga nan sai su kwararo sunan duk wani yare da kayan aikin da suka taɓa gani a wurin. Ga irin abin da ake samu a ƙarƙashin aiki guda:

```
Python, Django, Django REST Framework, JavaScript, React, HTML, CSS,
PostgreSQL, MySQL, MongoDB, Redis, Celery, Docker, Kubernetes, Nginx,
AWS, Git, GitHub, GitHub Actions, Jira, Slack, Postman, VS Code,
Paystack, JSON, Linux
```

Sunaye 26 ke nan, amma mai karatu bai san komai a kan mai takardar ba. Bai san ko Python ne yake rubutawa kullum daga safe zuwa yamma ba, ko kuwa sau ɗaya ya taɓa buɗe fayil ɗinsa. Bai san ko shi ya kafa Kubernetes ɗin ba, ko dai a ofishin ake amfani da shi yana kallo daga nesa. Duk sunayen sun zama nauyinsu ɗaya, abin da ya ƙware a kai ya nutse cikin abin da bai iya ba. Bakaniken da ke neman ka ba shi motarka ba ya tsayawa lissafa maka sifanonin da ke cikin akwatinsa. Cewa zai yi ya sha sauke injin irin wannan motar ya mayar, kai kuma ka san sai da sifana aka yi.

Ƙa'idar da zan bi daga farko har ƙarshe ita ce: a cikin bayanin aiki, kowane sunan yare ko kayan aiki ya zo a manne da abin da ka yi da shi. Wanda bai samu aikin da zai manne masa ba, ko dai ya koma wani sashe na takardar, ko ya fita gaba ɗaya. Zan bi misali ɗaya. A ce mai wannan jerin na sama ya yi shekara uku a wani ƙaramin kamfani da ke haɗa manhajar biyan kuɗin makaranta, inda iyaye ke biya ta waya, makaranta kuma tana ganin wanda ya biya da wanda ake bi. Jimlolin misalin zan kawo su da Hausa. Kai idan ka zo naka sai ka rubuta da Turanci ko Faransanci, gwargwadon inda kake neman aikin.

Mataki na farko: san wanda zai karanta

Takardarka tana bi ta hannu biyu ko uku, kowanne da abin da yake nema. Kamfanoni da yawa suna karɓar takardu ta wata manhajar tattara masu neman aiki, irin su Greenhouse ko Lever ko Workday. Manhajar tana zare rubutun da ke cikin fayil ɗinka ta adana shi, ta yadda jami'in ɗaukar ma'aikata zai iya rubuta kalma kamar `PostgreSQL` ya ga takardun da ke ɗauke da ita. Tsoron wannan binciken ne ya haifi jibga sunaye. Mutane suna ganin idan ba su cika takarda da su ba, ba za a same su ba. Amma binciken bai damu ko sunan yana cikin jeri ne ko cikin jimla ba. Idan kalmar tana nan, zai gan ta. Ke nan ba ka rasa komai idan ka saka ta a jimla mai ma'ana.

Bayan jami'in sai injiniyan da zai zama shugabanka, ko wanda zai yi maka intabiyu. Shi wannan ba sunaye yake ƙirgawa ba. Abin da yake son sani shi ne wace matsala aka ɗora maka, da me ka warware ta, kuma har ina hannunka ya kai. Daga takardarka yake ɗauko tambayoyinsa. Duk sunan da ka rubuta, ka ba shi izinin ya tambaye ka a kai.

Mataki na biyu: zube komai a gefe, sannan ka tace

Buɗe wani fayil daban, wanda ba za ka tura wa kowa ba, ka rubuta duk abin da ka taɓa a wannan aikin. Idan ka manta, kuma har yanzu kana da izinin duba aikin, buɗe `requirements.txt` ko `package.json` ko `docker-compose.yml`, za su tuna maka. Daga nan ka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: idan aka ce in yi minti biyar ina bayanin abin da na yi da wannan a wannan wurin, har da inda ya ba ni wahala, zan iya?

Amsar za ta raba su kashi uku. Mai misalinmu ya samu goma da ya yi aiki na zahiri da su, ya yanke shawara a kansu: Python, Django, Django REST Framework, PostgreSQL, MySQL, Redis, Celery, Paystack, Docker da GitHub Actions. Ya samu shida da yake amfani da su amma ba su ne tsakiyar aikinsa ba: JavaScript, React, Nginx, AWS, Linux da Git. Sauran goman kuwa fita za su yi, kuma dalilin fitarsu iri biyu ne.

Iri na farko sun fita ne saboda ba sa bambanta ka da kowa. Jira da Slack da Postman da VS Code kayan da sabon ma'aikaci ke sabawa da su ne cikin 'yan kwanaki. JSON kuwa duk wanda ya rubuta manhajar da ke magana da wata ta intanet ya taɓa shi. HTML da CSS an riga an ƙaddara ka san su tunda ka ambaci React, haka GitHub tunda ga GitHub Actions. Wannan ba doka ce ta kowa da kowa ba. Wanda sana'arsa tsara fuskar shafi ce, CSS a wurinsa babban abu ne, dole ya tsaya a kai ya nuna abin da ya yi da shi.

Iri na biyu ya fi haɗari. MongoDB ya koya ne a wani darasi na kansa, ba a taɓa amfani da shi a kamfanin ba. Kubernetes kuwa wani abokin aiki ne ke kula da shi. Abin da mai takardar ya taɓa yi bai wuce ya rubuta `kubectl logs` don ganin dalilin da manhaja ta faɗi ba. Idan ya bar shi a ƙarƙashin wannan aikin, mai intabiyu zai tambaye shi yadda suka tsara sabunta manhaja ba tare da ta tsaya ba, ya yi shiru. Kuma illar ba a Kubernetes take tsayawa ba, domin daga wannan shirun mai tambayar zai fara kokwanton Python ɗin ma, wanda shi kam ya iya da gaske. Na fi jin takaicin wannan fiye da komai a harkar, ganin ƙwararren mutum ya faɗi saboda sunan da ba a ma tilasta masa rubutawa ba.

Mataki na uku: ɗaura kowane suna a jikin aiki

Nan ne aikin yake, don haka bari mu daɗe a kai. Kada ka fara daga sunan kayan aiki kana neman jimlar da za ka cusa shi. Fara daga ayyuka uku zuwa biyar mafi nauyi da ka yi a wurin, ka rubuta kowanne a layi guda mai ɗauke da abu uku: abin da ka yi, da me ka yi shi, da abin da ya sauya bayan ka yi.

Ɗauki aikin karɓar kuɗi. Rubutun farko da yakan zo wa mutum shi ne: "Na yi aiki da Django da Paystack da PostgreSQL." Wannan jibgi ne da aka yi wa rigar jimla, domin "na yi aiki da" ba ta faɗi komai ba. Tambayi kanka me ya faru a zahiri. Idan uba ya biya kuɗi, Paystack yana aiko wa sabar kamfanin sanarwa mai suna `charge.success`. Idan sabar ba ta amsa cewa ta karɓa ba, zai sake aikowa. Kafin mai takardar ya gyara, sanarwa ɗaya takan shiga sau biyu, sai lissafin makaranta ya nuna ɗalibi ya biya ninki. Shi ne ya sa wa rumbun bayanai sharaɗin cewa lambar ciniki ɗaya ba za ta shiga sau biyu ba. To wannan shi ne labarin, kuma ga yadda layin zai kasance:

"Na gina sashen karɓar sanarwar biyan kuɗi daga Paystack da Django, na sa sharaɗin hana maimaita lambar ciniki a PostgreSQL, abin da ya kawo ƙarshen rubuta biya ɗaya sau biyu."

Sunayen nan uku dai su ne, amma yanzu kowanne yana da matsayi. Injiniyan da ya karanta ya san wannan mutumin ya fahimci cewa sanarwa tana iya maimaituwa, kuma ya san a rumbun bayanai ake toshe ƙofar. Jami'in da ya yi bincike da `PostgreSQL` shi ma ya same shi.

Layi na biyu, Celery da Redis. Da can idan aka biya kuɗi, manhajar takan tsaya sai ta aika wa uba saƙon tes na rasit kafin ta nuna masa cewa an gama. Ranar da kamfanin aika saƙon ya yi nauyi, sai shafin ya maƙale, uban ya ɗauka kuɗin bai shiga ba. Layin zai ce: "Na mayar da aika saƙon rasit zuwa layin jira na Celery, Redis na riƙe da saƙonnin, don kada jinkirin kamfanin aika saƙo ya riƙe shafin biyan kuɗi." Lura da yadda jimlar ta nuna alaƙar kayan biyu. A jerin farko suna kusa da juna ne kawai, ba wanda ya san ko Redis ɗin na ajiyar wucin gadi ne ko na layin jira.

Layi na uku ya warware wani ruɗani da jerin ya haifar. Ganin MySQL da PostgreSQL a aiki guda yakan sa mai karatu ya ce, to wanne ne ake amfani da shi? Gaskiyar ita ce tsohuwar manhajar tana kan MySQL, shi kuma ya kwashe bayanan zuwa PostgreSQL. "Na kwashe bayanan ɗalibai da na biyan kuɗi daga MySQL zuwa PostgreSQL a lokacin hutun zango, na tabbatar jimillar kuɗin kowace makaranta ta yi daidai a ɓangarorin biyu kafin a rufe tsohon." Ambaton hutun zango da daidaita lissafi ya fi kowane sunan kayan aiki nuna cewa mutum ne mai lura.

Na huɗu gajere ne: "Na haɗa manhajar cikin Docker, na tsara GitHub Actions ya gudanar da gwaje-gwaje kafin kowace ɗorawa a saba."

A layi ɗaya kada sunaye su wuce biyu ko uku. Idan ka ga na huɗu yana neman shiga, yawanci ayyuka biyu ne ka haɗe, sai ka raba su. Kuma kada ka maimaita Python a kowane layi. Duk injiniyan da ya ga Django ya san da Python ake rubuta shi.

Maganar alƙaluma. Ana yawan cewa a sa lamba a kowane layi, kuma lamba tana da amfani idan ta gaske ce. Idan ka auna cewa rahoton ƙarshen zango yana ɗaukar kusan minti guda kafin ka gyara, ya koma 'yan daƙiƙoƙi bayan ka rage yawan tambayoyin da ake aika wa rumbun bayanai da `select_related`, rubuta abin da ka auna. Idan ba ka auna ba, kada ka ƙirƙiro "kashi 40 cikin ɗari", domin tambayar da za ta biyo baya ita ce yaya ka auna. Faɗi abin da ya daina faruwa, kamar yadda layin farko ya yi. Idan kuma akwai yarjejeniyar riƙe sirri tsakaninka da wurin, kada ka fitar da adadin kuɗin da ke wucewa ko sunayen makarantun. "Makarantu masu zaman kansu da dama" ya isa.

Mataki na huɗu: layi guda na abin da ya rage

Bayan layukan nan huɗu, sunaye takwas sun samu gurbi. Saura waɗanda aka yi amfani da su da gaske a wurin amma ba su da labarin da ya kai a ba su layi. Su ake tarawa a layi ɗaya a ƙasan bayanin aikin:

```
Python, Django REST Framework, Nginx, AWS EC2, AWS S3, React
```

Sharaɗinsa shi ne kada ya tsallaka zuwa layi na biyu. Da zarar ya tsallaka, jibgin ya dawo ta bayan gida. Jera su daga wanda ka fi amfani da shi zuwa wanda ka fi ƙarancin taɓawa, shi ya sa React ya zo ƙarshe. Ka ga kuma AWS bai tsaya shi kaɗai ba. Hidimomin AWS sun haura ɗari biyu, ba mai iya su duka, don haka rubuta waɗanda ka taɓa da sunansu. Wanda ya rubuta EC2 da S3 an san iyakarsa, kuma an fi yarda da shi.

Git da Linux da JavaScript kuwa sai su tafi sashen ƙwarewa, wanda ake rubutawa sau ɗaya domin takardar gaba ɗaya. A can jeri ya halatta, amma a kasa shi rukuni-rukuni: yaruka a layinsu, rumbunan bayanai a nasu, kayan ɗora manhaja a nasu. Sai dai akwai gwajin da ya kamata ka yi masa. Duk babban sunan da ke sashen ƙwarewa, a same shi a ƙarƙashin wani aiki ko wani abin da ka gina da kanka. Idan mai misalinmu yana son MongoDB ya bayyana, wurinsa sashen ayyukan kashin kai, tare da abin da ya gina da shi. Ka kuma bar zana taurari ko sandar maki a gaban yare. "Python tauraro huɗu cikin biyar" ba ma'auni ba ne da wani ya sani, kuma manhajar da ke zare rubutu ba ta karanta zane.

Mataki na biyar: rubuta sunayen daidai

Rubuta kowane suna yadda masu shi ke rubuta shi: `JavaScript`, `PostgreSQL`, `Node.js`, `GitHub`. Wanda ya rubuta Java alhali JavaScript yake nufi ya ambaci wani yare ne daban. Guji taƙaitawa irin `K8s` ko `JS` a matsayin ambato na farko, domin jami'in da ke bincike yakan kwafo kalmar ce daga sanarwar neman ma'aikata. Yaren Go yana da tasa matsalar: sunansa kalma ce ta yau da kullum a Turanci, shi ya sa masu bincike da yawa ke rubuta `Golang`. Rubuta `Go/Golang` sau ɗaya a sashen ƙwarewa, an wuce wurin.

Lambar siga kuwa, a sa ta ne kawai inda take sauya ma'ana. AngularJS da Angular ɗin da ya fito a 2016 abubuwa biyu ne daban duk da kamannin suna, dole ka fayyace wanne. Python 2 an daina kula da shi tun 1 ga Janairu 2020, don haka idan kai ne ka kwashe wata manhaja daga shi zuwa Python 3, wannan aiki ne da ya cancanci layinsa. Haka wanda ya ɗaga manhaja daga Java 8 na 2014 zuwa Java 17 na 2021. Amma rubuta cikakkiyar lambar siga a gaban kowane suna ƙarin hayaniya ne, kuma yana sa takarda ta tsufa da wuri.

Mataki na shida: tsofaffin ayyuka da daidaitawa da sanarwa

Aikin da kake yi yanzu ko wanda ka bari kwanan nan shi ke samun layi huɗu ko biyar. Wanda ka bari shekara shida da suka wuce layi ɗaya ko biyu sun ishe shi, da sunan yaren da aka yi shi. Amfanin ajiye kowane suna a ƙarƙashin aikin da aka yi da shi ke nan: mai karatu zai ga da kansa cewa PHP ɗinka na da ne, Python na yanzu, ba sai ka faɗa ba.

Idan ka ga sanarwar aiki, karanta abin da suka ce dole ne da abin da suka ce ƙari ne. Daidaitawa ba ita ce kwafo jerinsu ka liƙa a naka ba. Sauya tsarin layukanka ne. Idan wurin harkar kuɗi ne, layin Paystack ya hau sama. Idan sun fi damuwa da ɗora manhaja, layin Docker ya hau, Nginx ma ya fito daga layin ƙasa ya samu jimlarsa, muddin akwai abin da ka yi da shi. Idan suna neman abin da ba ka taɓa ba, bar shi babu. Akwai masu ba da shawarar a ɓoye sunaye da farin rubutu a ƙasan shafi don manhaja ta gani mutum bai gani ba. Kada ka yi. Idan aka zare rubutun launi ba ya binsa, sai jami'in ya ga sunayen a fili, ya kuma gane an yi niyyar yaudararsa.

Dubawa kafin turawa

Ajiye takardar a PDF, sannan ka ga yadda na'ura za ta karanta ta. Idan kana da kayan Poppler a kwamfutarka:

```
pdftotext cv.pdf -
```

Idan babu, zaɓi duk rubutun ka kwafa zuwa Notepad. Duba ko sunayen sun fito cikakku, musamman masu alama irin `C++` da `C#` da `.NET`. Duba kuma ko layukan sun biyo juna yadda ka tsara. Takardar da aka raba gida biyu, ɗaya a hagu ɗaya a dama, wani lokaci takan fito a cakuɗe, sashen ƙwarewa ya kutsa tsakiyar bayanin aiki. Idan ka ga haka, mayar da ita gida ɗaya.

Daga nan ka rufe sunayen kayan aikin da ke kowane layi da yatsa, ka karanta abin da ya rage. "Na gina sashen karɓar sanarwar biyan kuɗi, na sa sharaɗin hana maimaita lambar ciniki, abin da ya kawo ƙarshen rubuta biya ɗaya sau biyu" har yanzu magana ce cikakkiya, wannan layin ya tsaya. Wanda ya koma "na yi aiki da… da… da…" sai ka mayar da shi mataki na uku, ka nemo abin da ya faru a zahiri. Idan ka nema ba ka samu ba, cire layin, sunayen su sauka layin ƙasa ko su fita.